Rubutun Ƙirjin Filibus

Ranar kasuwar Kontagora ce, a daminar 1988, Na'Allah ya shigo shagon Attahiru mai hoto da wani abu a naɗe cikin tsumma. Manomin doya ne daga wajen Sahon Rami. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kwance tsumman.

Ɗan ƙaramin hoto ne baƙi da fari. Wani saurayi ne tsaye a gaban tifa, ya riƙe ƙugu yana dariya, sanye da farar riga mai gajeren hannu. An rubuta sunan wani kamfanin gina hanya da manyan baƙaƙen haruffa a ƙirjin rigar.

"Ɗana ne, Filibus," in ji Na'Allah. "Ramin tsakuwar kamfanin nan ne ya rufta da shi kafin bikin Ista. Ba mu da wani hotonsa sai wannan. Uwarsa na so a rataye a ɗaki, amma duk ta ɗauka, sunan mutanen nan take fara gani kafin fuskarsa. Ba ta iya karatu ba, amma ta san zanen. Da shi motar da ta kawo gawar ta zo."

"Allah ya ba ku haƙuri, Baba. A yanke hoton daga wuya mana, a bar kai kawai."

"Ta ƙi. Ta ce ƙasa ta danne masa ƙirji, ba za a sake raba shi da ƙirjinsa ba."

Attahiru ya karɓi aikin. Bai taɓa ainihin hoton da komai ba. Ya kafa shi a allo ya ɗauke shi da kyamara, ya wanke fim ɗin, ya buga babba a takarda marar sheƙi, wadda ke karɓar tawada da fensir. Sannan ya haɗa ruwan maganin da ke cin baƙi, ya tsinka shi da ruwa sosai, ya riƙa ɗiga wa haruffan da siririn buroshi yana ɗaurayewa. Kaɗan-kaɗan suka dusashe har suka ɓace. Sai dai maganin bai san harafi daban, inuwa daban ba. Duk inda ya bi ya cinye har da lanƙwasar yadin, ya bar fari fat. Attahiru ya shafe wurin da tawada mai ruwan toka har ya yi daidai da hasken rigar, ya ga kamar ya isa.

Da kasuwa ta zagayo Na'Allah ya dawo da matarsa Naomi, da Helen, matar marigayin. Naomi ta karɓi hoton da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, sai ta ajiye shi a kan benci.

"Wannan ba ƙirjin mutum ba ne," ta ce. "Allo ne aka ɗora masa. Ɗana yana numfashi lokacin da aka ɗauke shi."

Attahiru ya duba, ya ga gaskiyarta. Lanƙwasar da ta taso daga hammata ta zo tsakiya ta yanke, ta sake ɓullowa a ɗaya gefen kamar hanyar da ruwa ya cinye gadarta. Kunya ta kama shi.

"Mama, ban san yadda yadin ya kwanta a ƙarƙashin rubutun ba. Baƙin ya rufe. In na ƙaga da kaina, ido zai gane. Rigar tana nan?"

Helen ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Tana cikin akwatina."

Kwana kaɗan bayan haka Na'Allah ya kawo ta shi kaɗai. Attahiru ya rataye ta a ƙusa, ta zube kamar buhu, ba ta nuna masa komai ba. Sai a jikin mutum, kuma shi Attahiru siriri ne, rigar za ta yi masa yawa. Ya kalli kafaɗun tsohon. Na'Allah ya gane. Ya cire taguwarsa, ya juya rigar, cikinta ya koma waje don kada rubutun ya tare ido, ya saka.

Suka fita bayan shago inda rana ke faɗowa daga hagu kamar yadda take a hoton. Attahiru ya ce ya riƙe ƙugu, ya ɗan turo ƙirji. Tsohon ya yi. Nan take lanƙwasa ta taso daga hammata, ta ratsa ƙirji a karkace, wata ƙarama ta bi ta ƙarƙashinta.

"Baba, kada ka motsa."

Bai motsa ba. Hawaye na gangarowa cikin furfurar gemunsa, hannuwansa na kan ƙugu, har aka ɗauka.

"Har yanzu da warinsa a wuyan," ya ce, da yana cirewa.

Attahiru ya sake buga sabon babban hoto, ya sake cinye haruffan. Wannan karon ya ajiye hoton uban a gefe yana dubawa. Bai shafa tawadar ba, ɗiga ta ya riƙa yi da bakin buroshi, ɗigo bisa ɗigo, don ta yi irin ƙananan ɗige-ɗigen da sauran hoton ke da su. Ya fara da mafi haske, ya bari ta bushe, ya ƙara duhu a cikin kwarin kowace lanƙwasa, ya bar bayanta da haske. Inda tsohuwar inuwa ta yanke, daga nan ya kama ya kai ta ta haɗu da 'yar'uwarta. Ya bi da fensir mai tsini ya dawo da saƙar yadin. Idonsa ya yi ja, wuyansa ya ƙage, masu son hoton fasfo suka yi ta tsaki suna komawa. Da ya gama ya sake ɗaukar aikin da kyamara ya buga, don kada sawun hannunsa ya fito a takarda.

Su ukun suka zo karɓa, ya riga ya sa hoton a firam. Naomi ta shafa gilashin da yatsa, daga hammata zuwa tsakiyar ƙirji.

"Shi ne," ta ce, ta rungume firam ɗin. "Na gode, ɗana."

Helen ta leƙa ta kafaɗarta. Fuskarta ta canza.

"Mama, ranar da aka ba shi rigar nan aka ɗauki hoton. Ya shekara yana zirga-zirga kafin su ɗauke shi aiki. Da ya dawo gida ya sa ni na karanta masa rubutun, na sake karantawa. Dariyar nan da kike gani, ta rubutun ce. Yanzu yana dariya ba dalili."

"Su suka kashe shi."

"Na sani, Mama. Amma shi bai sani ba a ranar."

Attahiru ya ɗauko ƙaramin hoton na asali daga aljihun tebur, ya rasa wa zai miƙa wa. Helen ta miƙo hannu. Naomi ta ce kada wannan abu ya sake shiga gidanta.

"To zan tafi da shi Rijau," in ji Helen. "Dama iyayena sun aiko in koma."

Da alama Na'Allah bai san da maganar ba. Ya juya ya kalli surukarsa. Helen ta soke hoton a ɗankwalinta ta fita, Naomi ta bi bayanta da firam a ƙirji.

Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hularsa.

"Malam, wanda ka ɗauke ni da rigar fa?"

"Yana nan, Baba. In ba ka?"

"A'a. Kada dai uwarsa ta gani."

Ya sauka daga dakalin a hankali, ya nufi tasha inda matan suka yi.