Shanu Sun Tafi, Ceki Na Hanya

A duk fatomomin kasuwar shanu ta Wudil ni na fara buɗe ajiya a banki, kuma ba wanda bai sani ba, don ban bar kowa ya huta ba. Littafin bankin a aljihun gaba nake sa shi, in bar bakinsa a waje. Sabo mai banki ake ce mini. Ashe zolaya ce, ni kuwa ina ta amsawa.

Aikin fatoma sananne ne: mai shanu ya sauka gidanka, ka nemo masa mai saye, ka tsaya masa a kan kuɗinsa. Ci da shansa na wuyanka har ranar da aka biya shi. Baffa Halliru, Bafulatanin bayan Lajawa, tun zamanin mahaifina gidanmu yake sauka. Shi ne babban baƙona, kuma saboda shi sauran Fulani ke bin ƙofata.

Bayan kaka ya kawo bijimai, yana so ya sayar ya bi garkensa kudu kafin ciyawa ta ƙone. Wani ɗan kasuwa daga Ikko ya saye su duka, amma ya ce ba ya yawo da buhun kuɗi, sai ceki. Baffa ya juya takardar gaba da baya, ya ce shi bai taɓa ba da bijimi ya karɓi takarda ba. Na yi masa irin dariyar da ɗan birni ke yi wa mutumin daji. Na ce a riƙe shanun, ni zan je in gano.

Na hau mota zuwa Kano, na miƙa cekin. Akawu ya buga hatimi, ya rubuta fam ɗari uku a littafina. Ya fara wani bayani, amma ina! Ni idona na kan lambar, na riga na kai ƙofa. Ban ma ce a ba ni ko sule ba, wai gara su kwana a banki, kada ɓarayi su tare ni a hanya. Kai, Sabo!

Na dawo Wudil ina baza riga. A gaban jama'a na buɗe littafin na ce, "Baffa, kuɗinka sun shiga. Da idona na gani. A saki shanu." Aka kora su Kano, aka loda su a jirgin ƙasa.

Da na koma ɗaukar kuɗi na tafi da buhu, don Baffa silalla yake so. Akawun ya ce kuɗin ba su iso ba tukuna, ai ya gaya mini ran nan. Na buga kantar bankin na nuna masa rubutun hannunsa. Bai yi fushi ba, wannan ma ya fi ba ni haushi.

"Malam, wannan shaida ce mun karɓi takardarka," in ji shi. "Kuɗin suna bankin mai cekin a Ikko. Sai takardar ta je can ta gidan waya, su duba sa hannunsa, su ga yana da kuɗin, su aiko mana. In ta dawo ba a biya ba, mu soke abin da muka rubuta."

Na tambaye shi yaushe ke nan. Ya ce makonni, in Allah ya so. Wato jirgin da ya kwashe shanun, ƙila shi ke ɗauke da takardar. Na naɗe buhuna na cusa a hammata. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ran nan ba.

Na dawo na gaya wa Baffa. Ya shimfiɗa buzunsa a zaurena ya zauna. Matata Barakatu kuwa bakinta bai huta ba. Duk sanda ta buɗe rumbu sai ta tambaye ni ko tuwon yau ma a littafi za a rubuta wa baƙo. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo. A kasuwa in na doso, sai a tambaye ni ya mutanen Ikko. Aka aiko wa Baffa cewa garke ya gaji da jira, shanu sun fara rama. Ya ji, ya ci gaba da jan carbinsa.

Mutumin Ikko ba macuci ba ne. Kuɗi suka fito cif, na zube su gaban Baffa, har da guntun murmushina na wanda gaskiyarsa ta fito. Ya ƙirga, ya ɗaure, ya yi wa Barakatu godiya mai tsawo. Na raka shi har bakin gada ina ta yi masa bayanin yadda banki ke aiki, ni da na koya jiya.

Ya tsaya ya ce, "Sabo, ban ce ka ci amanata ba. Amma ka ce ka gani, na saki shanuna a kan maganarka. Ubanka in bai taɓa da hannu ba, ba ya cewa ya gani."

Da kaka ta zagayo na share zaure, na sa aka dama fura. Da hantsi na hango ƙahonin bijimansa sun shawo kwana. Ya tsaya a ƙofata muka gaisa sosai, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa mahaifina addu'a. Sannan ya kora shanunsa gidan Maikano, maƙwabcina, sauran Fulanin na biye da shi.