Hannu Biyu a Kan Cak

Duk wanda ya san kasuwar katako ya san Mai Yatsa Uku. Ni ne. Injin zarto ya ci mini biyu a hannun dama tun ban yi gemu ba, na naɗe da tsumma na ƙarasa yankan ranar kafin na tafi asibiti. Gobara ta cinye rumfata sau biyu, sau biyu ina tashi daga toka. Ban taɓa zama a aji ba, amma da yatsun nan uku na koyi sa hannu, wani irin zane mai wutsiya kamar ta kunama, kuma duk bankin da ya gan shi sai ya miƙe tsaye. Ba fariya nake yi ba, abin da ya faru ne.

Da kamfani ya girma, lauya ya ce sai an yi daraktoci. Muka zama mu uku, kowa da kasonsa daidai: ni shugaba, sai ƙanena Ƙarami, wanda ya sa dukiyarsa bayan gobara ta biyu, sai babbar 'yata, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata ta ci. A banki kuwa magana ɗaya ce tun fil azal: ni kaɗai na isa in sa hannu a kan kowane adadi. Ƙarami yana da hannu shi ma, amma na ƙananan kuɗi.

Sai Uwata ta auro mana Manaja, wato mijinta da aka ba kula da harkar kamfani.

Ban ce yaron ba shi da kirki ba. Kirkin ne ma ya yi yawa. Ya durƙusa har ƙasa, “Baba, an tashi lafiya?” Ya riƙe mini ƙofar mota. Amma kafin shekara ta zagayo, direbobin da na koya wa ɗaure kaya sun fara wuce ofishina suna shiga nasa. Masu kawo gungume suna tambayar maigadi, “Manaja na ciki?” ni ina zaune a bakin ƙofa kamar turmi. Uwata, wadda a da in na yi tari sai ta taso, yanzu in mijinta ya faɗi abin da bai kai dariya ba sai ta yi har da hawaye. Na ga wannan duk, na haɗiye.

A taron daraktoci na bara Ƙarami ya kawo shawarar a ba Manaja hannu a banki, don in na yi tafiya kada aiki ya tsaya. Uwata ta goyi baya. Na ga biyu sun fi ɗaya, sai na yi irin dabarar da ta raya ni har yau. Na bugi tebur na ce, “Na yarda. Amma lauya, rubuta: daga yau ba wanda zai fitar da abin da ya haura miliyan biyar shi kaɗai. Sai hannu biyu. Ko waye!”

Lauya ya ɗago kai. “Ranka ya daɗe, ko waye?”

“Kurma ne kai? Ko waye!”

Ina faɗa ina kallon ƙofar ofishin Manaja. Kowa a ɗakin ya san wa nake nufi. Lauya ya buga takarda, ya karanta mana, na ja wutsiyar kunamata a ƙasa, aka kai banki. Na kwana da farin ciki, na sa wa ɗan maraƙi igiya.

Aka ci gaba da harka. Manaja yana sa hannu a kan 'yan kuɗin mai da albashin leburori, babba kuwa sai ya ɗauko cak ya zo wurina, ko wurin Ƙarami. Ni kuma ina ta nawa kamar da, ni kaɗai, banki na biya.

Ranar da abin ya ɓaci, na je banki da cak na sabon injin zarto, miliyan goma sha takwas. Na daɗe ina son injin nan, kuma na ƙudurta ba wanda zai ji labari sai ya ga mota ta sauke shi a fili, su san tsoho bai mutu ba. Yarinyar da ke kan kanta ta duba na'ura, ta duba ni, ta ce in hau sama wurin jami'ar da ke kula da asusunmu.

Sabuwa ce, ban san ta ba. Ofishinta ɗan ƙarami, sanyi kamar cikin randa, fayil ɗinmu a buɗe a gabanta. Ta tashi ta ba ni kujera.

“Baba, sannu da zuwa. Dama jiya na aika wa kamfani wasiƙa, na kuma kira Manaja.”

Manaja. Asusun da na buɗe tun uwarta tana goyonta, amma Manaja aka kira.

“'Yata, ni ne kamfanin. Me ya faru?”

Ta ce lokaci-lokaci banki yakan sake duba umarnin kowane asusun kamfani: su wa ke da ikon sa hannu, kowa iyakarsa nawa, kuma ko abin da ke na'urarsu ya yi daidai da ƙudurin daraktoci na ƙarshe. Ta jera takardu biyu a gabana kamar mai tallar atamfa. Ga katin umarni, ga ƙudurin bara.

“Wanda ya karɓi ƙudurin nan ya yi rabin aiki,” in ji ta. “Ya shigar da Manaja, ya ɗauki samfurin sa hannunsa, ya sa masa iyakar miliyan biyar. Amma layinka bai taɓa ba, ya bar shi yadda yake: kai kaɗai, ba iyaka. Ƙudurin kuwa ya ce sama da miliyan biyar hannu biyu, bai cire kowa ba. Kuskurenmu ne, kuma mun gyara. Manyan cak ɗin da suka wuce da hannunka kaɗai tun bara, za mu nemi daraktoci su tabbatar da su a rubuce.”

Na yi dariya irin ta manya. “Ai wannan doka ni na kafa ta. Don yaron can na kafa ta. Mai ɗaure akuya ya taɓa ɗaure ƙafarsa?”

“Na yarda, Baba. Amma takardar ba ta ce yaron can ba.”

“To ni shugaba ina gaya miki da bakina yanzu.”

“Bakin shugaba ba ya soke ƙudurin daraktoci. Wani ƙudurin ne ke soke shi. Ku zauna, ku yanke abin da kuke so, darakta da sakataren kamfani su sa hannu a kwafin, ku kawo mini. Ranar nan zan canja. Cak ɗin nan kuma lafiyarsa ƙalau, hannu ɗaya ya rage. Ƙaninka ko Manaja, duk wanda ya fi kusa.”

Na ce a kira mini babbansu. Ya zo, mutumin da ya sha zuwa rumfata neman ajiya. Ya yi ta “ranka ya daɗe”, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya maimaita maganar yarinyar kalma da kalma. Na naɗe cak ɗina na sa a aljihu. Ƙarami ya yi tafiya. Manaja kuwa, gara injin ya yi tsatsa a shagon mai shi.

Da Ƙarami ya dawo na kira taro. Muka zauna a ofishina, fanka na kaɗa ƙurar katako, lauya da alƙalaminsa. Na ce a rubuta layi ɗaya: ban da shugaba.

Ƙarami ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. “Yaya, ashe tarkon da ka ɗana wa ɓera ya kama mage?”

“Rufe mini baki. Ni na yi maka wanki kana fitsarin kwance.”

“Ka yi, Allah ya saka. Amma ni wallahi dokar nan ta yi mini daɗi. Ina barci har da minshari.”

Na juya wurin Uwata, don ita ko a wuta na ce ta shiga a da sai ta shiga. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta.

“Baba, ba wanda ya isa ya ce ba ka iya ba. Amma abin da ka yi wa mijina kowa ya gani. Shekara guda yana yawo da cak a hannu kamar ɗan aike, in kai da ƙaninka ba ku nan ya jira, masu gungume suna yi masa dariya. Bai taɓa ce maka uffan ba.”

“Shi ya aiko ki?”

“Bai ma san zan faɗa ba. Ga abin da na gani. In za a kwance, a kwance ku biyu: kai ka koma yadda kake, ba iyaka, shi kuma a kai shi miliyan ashirin shi kaɗai. In ba haka ba, a bar ta yadda ka kafa ta.”

Ƙarami ya ɗaga hannu tun ba a tambaye shi ba. “Na bi.”

Na dubi lauya. Ya ce, “Ranka ya daɗe, rinjaye ake bi. Ƙuri'ar shugaba ta raba gardama sai an yi kunnen doki, nan kuwa biyu ne da ɗaya. Zaɓi biyu ne a gabanka.”

Ba iyaka. Abin da na zo nema ke nan, an ajiye mini a tafin hannu. Na buɗe baki zan ce to, sai na hango Manaja ta taga, a tsakiyar fili, da farar rigarsa, yana nuna wa direba inda zai sauke kaya, direban na ta gyaɗa kai. Miliyan ashirin. Wato ya sayi injin irin nawa ba tare da ya tako ƙofata ba. Ya cika mota uku da gungume, masu kaya su yi masa godiya shi kaɗai, banki ya kira wayarsa ya ce an biya. Ni kuma in ji labari a bakin maigadi.

Na ce, “A bar ta.”

Uwata ta ɗago. “Baba, kai ma fa ta ɗaure ka.”

“Na ji. A bar ta. Dokar da na kafa da hankalina ba zan rushe ta don wata yarinyar banki ba.”

Lauya ya rubuta an tabbatar da ƙudurin bara yadda yake, da manyan cak ɗin da suka wuce. Aka kai wa jami'ar, ta buga hatimi, ta rufe fayil.

Injin kuwa Ƙarami ya ƙi sa hannu, wai idonsa na ciwo, munafuki. Sai da Manaja ya zo. Na sa shi ya tsaya a bakin ƙofa har na gama shan shayina, sannan na tura masa cak ɗin. Ya durƙusa, ya ce, “Baba, Allah ya sa alheri, injin nan zai taimake mu,” ya sa ɗan siririn hannunsa a ƙarƙashin nawa. A ƙarƙashi, ku lura.

Har yau haka muke. Ba na iya fitar da babban kuɗi sai an ɗora mini hannu, kuma akwai ranakun da nakan zauna da cak a aljihu ina jiran Ƙarami ya dawo daga inda ya tafi. Masu surutu a kasuwa suna cewa tsoho ya cuci kansa. Su faɗa. Shi ma yaron, duk farar rigarsa, bai taɓa wuce miliyan biyar shi kaɗai ba, kuma muddin ina numfashi ba zai wuce ba.