Gangamaun Kawu Inusa

Tun kafin matar ta iso bakin kanta Raihanatu ta ji warin. Wari ne da ta sani tun tana ɗaliba a Dakar, irin na gyambon da aka daɗe ana rufewa da tsumma. Ta ɗago kai daga takardar maganin da take karantawa, sai ta ga Inna Tsahara ce, ƙawar marigayiya mahaifiyarta, wadda ke noman zogale da mijinta a Jiratawa.

"Inna, ke ce da zafin ranar nan? Ya jikin? Har kin dawo daga Yamai?"

Wata biyar da suka wuce lokotoro, wato likita, ya taɓa ƙullutun da ke nonon Tsahara na hagu, ya rubuta mata takarda ta tafi Yamai a yi mata aiki. Raihanatu ce ma ta karanta mata takardar a nan cikin farmasin da take aiki a Sabon Garin Maraɗi.

"Ban je ba, ɗiyata," in ji Tsahara. "Ai maganinki nike sha. Auduga kawai na zo saye."

"Maganina?"

Tsahara ta kwance bakin zane ta fito da wata 'yar robar magani. A ciki ƙwayoyi ne masu kwanso, cike da gari rawaya. A jikin robar an manna hoto biyu. Raihanatu ta gane su nan take, don ita ta ɗauke su da madubin bincike: na farko ƙwayoyin sankara ne cunkushe a faranti, na biyu su ne dai bayan kwana biyu, sun yanƙwane sun mutu. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: GANGAMAU MAI KASHE SANKARA, BINCIKEN DAKTA RAIHANATU.

Kwafi uku ta yi na kundin karatunta, wanda hotunan ke ciki. Ɗaya yana jami'a, ɗaya a akwatinta. Na ukun ta kai wa Kawu Inusa, yayan mahaifiyarta, babban ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin karatunta, don ya sa albarka.

Ta ja Tsahara ɗakin baya ta ɗaga mayafin. Ƙullutun ya fashe. An barbaɗa masa garin gangamau, garin ya cakuɗe da ruwan ciwon ya zama wani kunu mai rawaya, tsumman ya manne a kai. Raihanatu ta ɓamɓare tsumman a hankali. Ta laluba hammata, ta ji ƙulalai biyu masu tauri.

"Nawa kike sha a rana?"

"Shida da safe, shida da marece. Kuma yana aiki, wallahi. In na zaga bayi, rawaya zalla ke fita. Masu saidawa sun ce ciwon ne ke zuba."

Raihanatu ta sa robar a jakarta. Ta wanke ciwon, ta naɗe shi da bandeji mai tsabta, ta wanke hannunta sau uku. Sannan ta roƙi mai farmasin izini, ta tare kabu-kabu ta ce Tibiri.

Shekarar tazarce ce, ana shirin ƙuri'ar raba gardama, duk bangon da ke bakin hanya an lulluɓe shi da takardun masu cewa a jefa "I" da masu cewa a ƙaurace. A tsakaninsu, sau huɗu, ta hango hoton nan nata na ƙwayoyin sankara. Wata biyar tana wucewa ta gabansu ba ta taɓa tsayawa ta duba ba.

Mangazar kawun nata, Alhaji Inusa, tana bayan tashar Tibiri, inda da yake tara wake. Mata wajen goma ne zaune a kan tabarmi, kowace da kwano a gabanta, suna cusa gari cikin kwanso da yatsu. Ɗaya ta lashi yatsa don kwanson ya kama. Wata ta face majina da gefen zane ta mayar da hannu cikin kwano. Ƙudaje sun yi layi a bakin buhunan, akuya na lasar garin da ya zube a ƙofa.

Alhaji yana kan kujera ƙarƙashin rumfa, da farar riga fes. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, sannan ta ajiye robar a gabansa.

"A'a, Dakta! Kin gani ko? So na yi sai abin ya kankama in ba ki mamaki. Har Katsina ake nema."

"Kawu, wa ya ce maka yana kashe sankara?"

"Ke kika ce." Ya yi dariya. "Na sa an karanta min littafin naki, an fassara min. Ko ba ke kika ɗauki hoton ba?"

"Ni na ɗauka."

"Ƙwayoyin sun mutu ko ba su mutu ba?"

"Sun mutu."

"To mi ya rage?"

Ta zauna a bakin tabarma. Ta yi niyyar yi masa bayani a hankali, kamar yadda take yi wa tsofaffi a kanta.

"Kawu, a cikin gangamau akwai wani sinadari, kurkumin, shi ne mai rawayar. In ka auna mudu ɗari na gari, da ƙyar uku ne shi. Ni tsantsarsa na saya. Na narkar da shi da wani ruwa na musamman na ɗakin bincike, na ɗiga shi kai tsaye a kan ƙwayoyin da ke faranti. A nan yana aiki. Cikin ƙwayar halitta akwai wani furotin da ke kai saƙo cibiyarta, ya ce a tada kumburi, kada a mutu, a ci gaba da yaɗuwa. Kurkumin yana tare wannan saƙon. In ya yi yawa kuma, ƙwayar sankarar takan kama hanyar kashe kanta. Abin da hoton ya nuna ke nan."

"Madalla. Ai abin da na rubuta ke nan."

"Farantin ba shi da hanji, Kawu. Ba shi da hanta."

Ta ɗauki kofin ruwan da ke gefensa, ta ɓare kwanso biyu ta zuba, ta juya da cokalin shayinsa. Ruwan ya yi gurɓi, garin ya yi ta yawo, sannan ya fara kwanciya a ƙasa.

"Ka ga ba ya narkewa. Haka yake yi a ciki. Mafi yawansa ko bangon hanji ba ya ratsawa, wucewa yake yi ya fita a bayan gida. Ɗan abin da ya ratsa, hanji da hanta su cafke shi, su liƙa masa wani abu da ke rage masa ƙarfi, a fitar da shi ta matsarmama da fitsari. An ba mutane tsantsarsa, giram huɗu, giram takwas a rana, aka ɗebi jininsu. Abin da aka samu ɗan mitsitsi ne, ya yi ƙasa ƙwarai da abin da na ɗiga a faranti, kuma cikin 'yan awoyi ya ɓace. Duk wannan yana cikin babi na ƙarshe na littafin."

"Mai fassarar bai kai nan ba," in ji Alhaji.

"Inna Tsahara ta Jiratawa ta fasa zuwa Yamai saboda robar nan. Ciwon ya fashe. Tana ganin rawaya a masai tana murna, an ce mata sankara ce ke zuba. Garinka ne, Kawu. Yadda ta haɗiye shi haka yake fita."

Matan da ke kusa sun daina cusawa. Alhaji ya harare su, suka ci gaba.

"Allah ya ba ta lafiya," ya ce. "Ni ban hana kowa zuwa likita ba. Kuma gangamau abinci ne, bai taɓa kashe kowa ba." Ya kalli kofin. Sai ya matso da kujerarsa, ya rage murya. "To ke da kika yi karatun, babu wata dabara da za ta sa ya shiga jinin?"

Ta ɗauka tambayar gaskiya ce, ta ba shi amsar gaskiya. Ta ce akwai wani sinadari a cikin masoro da ke rage wa hanta saurin wannan aikin, har wani ɗan bincike ya nuna ya ninka abin da ke shiga jini wajen sau ashirin. Amma ashirin ɗin abin da kusan babu ne, bai isa ya taɓa sankara ba, kuma yana iya rikita yadda hanta ke sarrafa magungunan likita da mutum ke sha.

"Sau ashirin," in ji Alhaji a hankali.

Ta kalli fuskarsa ta ga yadda idonsa ya yi haske. Ta miƙe.

"Ka cire sunana da hotunana. In ba haka ba zan shiga radiyo in faɗi abin da na faɗa maka."

"Ni kike yi wa wannan magana, Raihanatu?"

"Ka gafarce ni, Kawu."

Ba ta jira sallamarsa ba. Daga nan Jiratawa ta nufa. Ta tarar da Malam Hamidu, mijin Tsahara, a bakin kanal yana sakar wa zogalensa ruwa. Shi ma ta yi masa bayanin hanji da hanta. Ya saurara har ƙarshe, ya jingina da fartanyarsa, ya ce, "Ashe wata biyar masai muke yi wa magani." Jibin ranar su uku suka shiga motar Yamai.

An cire nonon, an cire ƙulalan hammata. Lokotoron da ya yi aikin ya ce da an zo tun da aka rubuta takardar, da zancen ya fi haka sauƙi. Yanzu sai an haɗa da allurai na wata shida, kuma ba zai yi alkawarin komai ba. Tsahara ba ta zargi kowa ba, sai godiya take ta yi wa Raihanatu, abin da ya fi komai ci mata rai.

Da ta dawo Maraɗi ta kai takardar ƙorafi ofishin da ke kula da magunguna. Ta tarar da ƙofa a rufe, ana yajin aiki. Ta tura ta ƙarƙashin ƙofa.

Alhaji ya cire sunanta, ya cire hotunan. Bayan sati uku sabuwar roba ta fito: GANGAMAU DA MASORO, ƘARFI NINKI ASHIRIN, YANA SHIGA JINI KAI TSAYE. A radiyo wani mai zaƙin murya yana bayani cewa tsohon gangamau hanta ke cinye shi, amma wannan ya fi ƙarfin hanta. Kalmominta ne, har da yadda ta jera su.

Ran Juma'a matar Alhaji ta aiko mata da kwanon shinkafa kamar kullum, alamar ba a yi fushi da ita ba. Raihanatu ta buɗe murfin, ta mayar, ta ce a gaida Hajiya, ta ƙoshi. Sannan ta koma bayan kanta, inda wani dattijo ke jira da takardar maganin sukari a hannu ɗaya, sabuwar robar a ɗayan, yana tambaya ko zai iya barin na likita tunda ya samu wannan. Ta jawo masa kujera, ta ce ya zauna.