Bakwai Ɗin Yaya Ɗalhatu

Tun da Sabo ya ga Yaya Ɗalhatu ya shigo ɗakinsu na unguwar Bin Omran da ledar gasasshiyar kaza a hannu, ya san da wata a ƙasa. Ɗalhatu ba mai rowa ba ne, amma kuma ba a san shi da kyauta haka kawai ranar Talata da la'asar ba. Ya ajiye ledar a kan tabarma, ya gaisa da mutanen ɗaki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna a bakin gadon Sabo, wurin da bai taɓa zama ba.

Ɗalhatu yayan matar Sabo ne, Ummukulthum, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya nemo wa Sabo biza, shi ya tarbe shi a filin jirgi, shi ya kai shi kamfanin da suke yi wa tuƙi yanzu, inda suke jigilar ma'aikatan jinya daga masaukinsu na Al Wukair zuwa wuraren aikinsu a cikin Doha. Ƙaramar bas ɗaya suke rabawa, wani safe wani yamma, kuma sukan yi musaya a tsakaninsu ba tare da sun gaya wa ofis ba. Mutumin da ya yi maka wannan duka, kuma kake auren ƙanwarsa, ba ka ɗaga ido ka dube shi, balle ka ce masa a'a.

"Kyamara ta kama motarmu," in ji Ɗalhatu, murya ƙasa-ƙasa. "Danja. Ranar Lahadi. Na ɗauka zan wuce kafin ta yi ja, ban wuce ba."

Muttaka, wani direban tasi da ke kwana a gadon sama, ya sauke wayarsa daga fuska. A ƙasar nan kowane direba ya san abin da keta jar danja ke jawowa. Ban da tara mai nauyi, akwai maki bakwai da ake ɗora wa lasisin mutum a lokaci guda. Sauran laifuffuka su ba ka ɗaya, su ba ka uku, su taru a hankali. Idan suka kai sha huɗu, a karɓe lasisin wata uku. Wannan lissafin ko wanda ya sauka jiya ya haddace shi.

Sabo kuwa ba haddacewa kawai ya yi ba, ya ɗanɗana. Shekarar da ya zo, da zafin ƙafa irin na hanyar Zariya zuwa Kano, ya tara sha huɗunsa cif. Wata uku ya yi yana wanke motoci a garejin kamfani cikin zafin da ke dafa ƙwai a kan bonet. Da aka dawo masa da lasisin ya duba Metrash, manhajar hukuma, a wayarsa, ya ga babu maki ko ɗaya, ya yi sujadar godiya. Mutanen ɗaki suka ce an wanke shi tas, ya zama sabo kamar sunansa. Amma Oga Henry, mai kula da direbobi, ya kira shi gefe ya ce kamfani ya yi haƙuri sau ɗaya ne. Aka sake, ba za su riƙe direban da ba ya tuƙi ba, kuma iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, a hannunsu take.

"Kyamara lambar mota ta sani, ba ta san fuska ba," Ɗalhatu ya ci gaba. "Ofis za su tambaya wa ke riƙe da ita. A jadawali kuma Lahadi da yamma naka ne, ni na karɓar maka. Tarar ni zan biya, wannan ba maganarka ba ce. Makin ne."

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu. Direbobi sukan ɗaukar wa juna maki kamar yadda ake ɗaukar wa maƙwabci buhu daga tasha, mai sauƙin kaya ya rage wa mai nauyi. Ana kiransa zumunci. Ba wanda ke kiransa ƙarya a gaban hukuma, ko da yake sunansa ke nan.

"Nawa gare ka yanzu?" in ji Ɗalhatu.

"Biyar, Yaya. Kuma bayan babbar salla shekara za ta cika ban yi laifi ba, su goge da kansu."

Wannan biyar ɗin Sabo ya lallaɓa ta kamar mai jinya. Ya zama direban da ma'aikatan jinya ke yi wa tsiya, Sista Patience har tana cewa da ƙafa ta tako da ta riga shi isa. Bai damu ba. Yana ƙirga watanni, yana jiran ranar da zai buɗe waya ya ga sifili.

"To ka gani," in ji Ɗalhatu, yana lanƙwasa yatsu. "Biyar da bakwai, sha biyu. Saura biyu kafin sha huɗu. Ka sake lallaɓa shekara guda, khalas, su tafi gaba ɗaya. Ni kuwa ɗaya gare ni, amma bakwai ɗin nan ta hau kanta, takwas ke nan, shekara guda cur ba sitiyari. A shekaruna wa zai jira ni?"

Wani abu ya tsaya wa Sabo a rai. Takwas? Yaya takwas za ta kayar da mutum alhali sha huɗu ake faɗa? Ya buɗe baki, ya dubi furfurar da ke gemun surukinsa, ya rufe. Ya ce a ransa wataƙila tsofaffin direbobi da tasu dokar, ko kuma wani sharaɗi ne tsakaninsa da kafil, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Ɗalhatu ya fi shekara goma sha biyar a ƙasar, ya yi aiki a kamfanoni da yawa, kuma ba ya ba da labarin abin da ya raba shi da su. Tambayar babba bayani a gaban yara rashin kunya ne. Muttaka ma daga sama ya ce ai lissafin ya fita, sha biyu ba sha huɗu ba ce.

"Allah ya rufa asiri, Yaya. Na ɗauka."

An ci kazar. Sabo ya ɗauki cinya ɗaya, ya gutsura ya ajiye.

Washegari Oga Henry ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa.

"Kai da ko tantabara ba ka wucewa a hanya, kai ka keta danja?"

"Ni ne, Oga."

"Sabo, ka tuna abin da na gaya maka?"

"Na tuna. Ban kai ba. Sha biyu ne."

Henry ya ɗaga kafaɗa ya rubuta sunansa. Shi aikinsa jadawali da man mota, ba dokar hanya ba. Ya ce laifin danja sai mutum ya je da kansa ofishin 'yan sandan hanya da ke Madinat Khalifa, ya je ranar Alhamis bayan ya sauke masu aikin safe.

Kwana biyun nan Ɗalhatu ya yi ta kiransa a waya yana tambayar lafiya, abin da bai saba ba. Ummukulthum ma ta kira daga gida tana murna, wai Yaya ya ce mata mijinta ɗan halak ne, ba ta san me ya yi ba amma Allah ya yi masa albarka. Sabo ya amsa da amin, tsoro na cin sa ba tare da ya san na mene ne ba. Duk mahaɗar da ya tsaya, sai ya ga kyamarar da ke kan dogon ƙarfe kamar shi kaɗai take kallo.

Ranar Alhamis da hantsi, yana fitowa daga sauke fasinjan ƙarshe, ya tarar da Ɗalhatu tsaye a bakin titi yana ɗaga masa hannu.

"Yaya, ai yau hutunka ne."

"Haba, in bar ka ka je kai kaɗai? Yalla, mu tafi."

A hanya Ɗalhatu carbi kawai yake ja. Da suka isa, Sabo ya gyara fakin sosai a cikin layi, ya kashe mota. Zai sa makulli a aljihu, Ɗalhatu ya miƙo hannu.

"Bar min shi, in kunna sanyi. Zafi ya yi yawa."

Cikin ginin sanyi kamar firiji. Sabo ya karɓi lamba ya zauna tsakanin wani ɗan Nepal da wani Basudane, kowa riƙe da katinsa, ba mai kallon wani. Da aka kira shi ya tarar da wani jami'i matashi mai ladabi, wanda ya karɓi katin shaidarsa da lasisin, ya danna kwamfuta, ya dubi allon. Da guntun Turanci da guntun Larabci suka fahimci juna.

"Kai ke tuƙa motar a lokacin?"

"Ni ne."

Jami'in ya sake duban allon, ya dubi Sabo.

"Ka tabbata kai ne?"

Nan ne ƙofa ta ƙarshe, kuma Sabo ya ji a jikinsa cewa ƙofa ce. Amma ya riga ya faɗa wa Oga Henry, kamfani ya riga ya turo sunansa, surukinsa na zaune a waje. Ya ce shi ne, ya sa hannu.

Jami'in bai miƙo masa lasisin ba. Ya ajiye shi a gefensa.

"Maki sha biyu. An dakatar da lasisinka wata shida."

"A'a, ranka ya daɗe, sha huɗu ne! Saura biyu!"

"Sha huɗu karon farko ne," in ji jami'in, ba tare da ɗaga murya ba, da alama ya faɗi wannan magana sau dubu. "An taɓa karɓe naka. Maki suna gogewa, amma karɓewar tana nan a rubuce. Karo na biyu sha biyu ne, wata shida. Na uku goma, wata tara. Na huɗu takwas, shekara guda. Na biyar shida, a soke lasisin gaba ɗaya, sai bayan aƙalla shekara ka sake jarrabawa."

Sauran bayanin Sabo bai ji shi ba. Kalma ɗaya ce ta tsaya masa a kunne. Takwas, shekara guda. Mutumin da ya san iyakarsa takwas ce, ya bi ta sha huɗu, ya bi ta sha biyu, ya bi ta goma da ƙafarsa. Kuma Ɗalhatun ne ya raka Sabo karɓo lasisinsa wancan karon. Yana lanƙwasa yatsu a bakin gado yana cewa saura biyu, ya san babu sauran komai.

Ya ji kamar ya ce ba shi ba ne. Ya dubi sa hannunsa, ya dubi kakin jami'in, ya gane cewa wanda ya yi wa hukuma ƙarya a rubuce ba wata shida zai samu ba, abin da ya fi haka zai tarar. Ya yi godiya, don bai san abin da ake cewa ba, ya fito.

Rana ta dake shi a fuska. Baƙin ciki ya cika shi. Ya tuna Oga Henry, ya tuna Ummukulthum da albarkar da ta sa masa. Ya ratsa layin motoci a hankali har ya hango bas ɗinsu, injinta na aiki.

Ɗalhatu ba ya kujerar da ya bar shi. Yana zaune a mazaunin direba, ya ɗaura bel, ya matsar da kujerar baya daidai tsawon ƙafarsa, har madubi ya gyara. Bai tambayi yadda aka yi ba. Ya miƙa hannu ya buɗe wa Sabo ƙofar fasinja, idonsa na kan titi.

"Shigo," ya ce. "In kai ka gida."