Kaka da Baƙuwa Sun Saɓa

Sabuwar kwamfutar hasashen yanayi ta iso ofishin a cikin akwatunan katako, aka ware mata ɗaki mai sanyin da ma'aikata ba su taɓa samun irinsa ba. Suka sa mata suna Baƙuwa. Tsohuwar kuwa, wadda ke kuka kamar injin niƙa, dama Kaka ake ce mata.

Dakta, shugabar sashen lissafi, ita ta yi shekaru tana naci kafin a sayo Baƙuwa. Har mijinta ya haddace bayanin, yana iya maimaita shi yana wanke mota. Don haka da Oga, shugaban ofishin, ya ce sai an gwada kafin a karɓa, ba ta damu ba. Aka ba injinan biyu manhaja ɗaya da lambobin awon safiya iri ɗaya, aka ce kowace ta hango kwana ashirin.

A kwanakin farko na hasashen, taswirorinsu kamar tagwaye. Daga nan suka fara 'yan bambance-bambance. Bayan mako biyu kuwa, inda Kaka ta zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, Baƙuwa ta shimfiɗa rana tarwai.

"A mayar musu da kayansu," in ji Oga. "Ranar Juma'a motar kamfani ta zo ta kwashe."

Oga ba jahili ba ne, abin da ya ƙara wahalar da zancen ke nan. A ɗakin daidaita ma'aunai ya yi ƙuruciyarsa, inda in ma'aunin zafi biyu suka saɓa a cikin ruwa ɗaya, to ɗaya na da ciwo. Da wannan ƙa'ida ya hau har kujerar da yake kai, kuma mutum ba ya saurin zargin tsanin da ya hau da shi.

Dakta ta same shi a ofishinsa yana ɓare lemo.

"Yallaɓai, lafiyarta lau."

"To Kaka ce mara lafiya?"

"Ita ma lafiyarta lau."

"Dakta, ruwa da rana a gari ɗaya, rana ɗaya, kuma kowa na da gaskiya? Ai ba taron siyasa muke ba."

Ta ja kujera. Ta nuna masa tayil ɗin ƙasa, ta ce ya ɗauka haka aka yanka fuskar duniya, kowane tayil faɗinsa kilomita ashirin da wani abu, sannan a jera akwatuna a kansa hawa-hawa har can sama. Kowane akwati lamba ɗaya gare shi ta zafi, ɗaya ta nauyin iska, ɗaya ta laima, da na inda iska ta nufa. Injin ya lissafa abin da kowane akwati zai miƙa wa maƙwabtansa cikin 'yan mintoci, ya sake, ya sake, har kwanaki su cika. Gajimaren da bai kai girman akwati ba kuwa, ƙiyasta aikinsa ake yi.

"Na sani," in ji Oga. "Ni na sa hannu a kwas ɗin da kika je."

"To injinan biyu ba sa datse wutsiyar lamba iri ɗaya. Can ƙarshe, bayan ɗigo, inda ko ma'auninka ba ya gani. Iska kuma ba ta yafe ƙaramin bambanci. Ya sa hadari ya tashi a wannan akwati maimakon wancan, wancan ya ture maƙwabcinsa, bambancin ya riƙa ninkuwa duk bayan kwana ɗaya ko biyu. Kafin mako biyu ya cinye taswirar."

Oga ya jefa ɓawon lemo a kwando. "Kaka ba ta taɓa saɓa wa kanta ba."

Gaskiya ne, in an ba ta lambobi iri ɗaya. Dakta ta fito tana jin kamar ta ciji wani. A baranda ta ci karo da Tsinke, mai karanta hasashe a rediyo, wanda ya samo sunan tun kafin ya yi tumbi.

"Yaya, an ce za a kori baƙuwarki? Ki roƙa mana su bar na'urar sanyin."

"Tsinke, ka matsa kafin in yi hasashen abin da zai same ka."

"Na yau ko na mako biyu? In na mako biyu ne ban damu ba."

Ta yi dariya ba da son ranta ba, kuma a cikin dariyar dabara ta zo mata. Ta koma ta leƙa ƙofar Oga.

"Yallaɓai, zo ka zaɓi akwati ɗaya a duniya. Duk wanda ka so."

Ya biyo ta yana goge hannu. Ya dubi allon kwamfutarta, ga tekuna ga duwatsu ga hamada, ya yi ta jan taswira har ya dire a kan unguwarsu. Dakta ba ta yi mamaki ba. Ta ce ya ƙara wa zafin akwatin kashi ɗaya cikin dubu na digiri, da yatsansa, don kada gobe a ce ita ce. Ya danna. Sannan ta shirya wa Kaka wasu gwaje-gwajen, kowane da irin wannan ɗan taɓi a wani akwatin daban. Kaka ta kwana biyu tana gurnani.

Ranar Alhamis aka taru a gaban allo. Dakta ta zana hasashen zafin garinsu, kowane gwaji da layinsa. Daga farko layukan a manne suke kamar igiya ɗaya. Can suka fara warwarewa. Bayan mako biyu sun baje kamar tsintsiyar da ɗaurinta ya kwance. Ta buɗe taswirar gwajin Oga: ruwan da Kaka ta yi alkawari ya ƙaura ƙasar maƙwabta.

"Duk waɗannan Kaka ce?" Oga ya tambaya.

"Ita kaɗai. Ga na Baƙuwa." Ta ƙara jan layi ɗaya, ya shige tsakiyarsu ya zauna kamar ɗan gida.

Tsinke ya dafe kai. "Yallaɓai, ka hana wata ƙasa shanya daga tsakar gidanka! Ka gaya wa Madam ta rage wutar girki."

Oga bai yi dariya ba, yana lissafi. Mutumin da ya yi shekaru yana daidaita ma'aunai ya fi kowa sanin cewa babu ma'aunin da ke faɗin zafi daidai har kashi ɗaya cikin dubu, kuma yawancin akwatunan nan, na kan teku da na sama, babu ma'auni a cikinsu ko ɗaya.

"Wato kuskuren da muke ba ta kowace safiya ya fi wanda na danna," ya ce a hankali.

"Nesa ba kusa ba, Yallaɓai."

Ya ciro waya ya kira kamfani, ya ce kada motar ta zo. Ya ƙara da cewa ya gudanar da bincike mai zurfi a kan lamarin, Dakta kuwa ta dubi silin ta bar shi da bincikensa. Da ya kashe wayar sai ya juyo da fara'a.

"To yanzu da za mu ƙanƙanta akwatunan, Baƙuwa za ta hango mana wata guda ko?"

"A'a. Gobe da jibi za su fi kyau sosai, za mu ga hadarin da a da yake ɓuya mana. Amma bayan mako biyu ita ma za ta ɓata. Sai dai za ta ɓata dalla-dalla, unguwa-unguwa."

Oga ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Wannan ya tsaya a ɗakin nan. Ran Litinin minista zai zo yanka kirtani, kuma wata guda na ce masa."