Hannun da ke Cikin Gilashi

Duk gidan jaridar babu wanda bai san halin editan hoto ba. Dattijo ne mai furfura a gemu, ga tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya, kuma ko kuka ka zo kana yi ba zai sa hoto a shafi ba sai ya bi shi lungu-lungu. Shi ya sa 'yan ofis suka laƙa masa Malam Sai-Na-Gani. Yana da wata ɗabi'a kuma da ke ƙona wa matasa rai: duk maganar da ta shafi wanda ya tsegunta labari, ba ya yin ta a waya, ba ya tura saƙo. Da biro yake rubutawa a takarda, ya ninke, ya ajiye wa mutum a teburinsa. In an yi masa tsiya sai ya ce waya kunnuwa gare ta.

Ita kuwa 'yar jaridar da ke bin labaran lafiya, Gaggawa suke ce mata, ba ta kuma taɓa musun sunan ba. Wata uku ta yi tana bin wani kamfanin rarraba magunguna da ake raɗe-raɗin yana ɓare takardar maganin yara da ya gama aiki, ya manna sabuwa mai sabon kwanan wata. Kowa ya ji, babu mai shaida. Sai ga shaida ta fito daga inda ba ta zata ba, daga yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shekara tara ke nan yana riƙe da makullin siton kamfanin. Ranar da ya ba ta hoton kwalaben maganin da ya ɗauka a siton, ko zama bai yi ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ni dai kada sunana ya fito, kin ga yara huɗu gare ni." Ta rantse masa. A ofis ma ba ta gaya wa kowa ko wane ne ba, ta dai tura wa editan hoto ainihin fayil ɗin da yammacin Talata, kamar yadda yake buƙata kullum.

Ranar Laraba ba ta shigo ofis ba sai wajen ƙarfe ɗaya, don ta biya wani asibiti ta ji ta bakin likitan yara. Ta shigo da fara'arta, tana jin yau shafin farko nata ne. Fanka na ta juyi a sama, babban edita na faɗa da wani a waya, sai ta hangi takarda a ninke ƙarƙashin kofin shayinta. Ta yi tsaki ta ce a ranta, tsohon nan ya fara. Ta warware tana tsaye.

"'Yata," in ji takardar, "hoton nan ba zai fita yau ba, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki zo ki yi mini masifa.

"Ban ce ƙarya ne ba. Na bincika ko ya taɓa fitowa a wani wuri, bai taɓa ba. Ban ga alamar an taɓa shi ba, kuma tsohuwar takarda da sabuwa duk suna karantuwa a jikin kwalaben. Hoto ne mai kyau. Damuwata wanda ya ɗauka.

"Fayil ɗin yana ɗauke da irin wayar, da ranar, da lokacin, ƙarfe shida da minti goma na safe, har da wurin da aka tsaya. Wannan goge shi ba wuya. Amma ki buɗe hoton ki ƙara girman kusurwar dama ta sama, wajen gilashin kabad. Akwai hannun mutum riƙe da waya. Hannun hagu ne, da agogo mai jan maɗauri, kuma ƙaramin yatsan guntu ne. Ni da ban san shi ba na gan shi cikin minti biyar. Waɗanda suke aiki da shi fa?

"Ba zan share hannun ba, ba ma cire abu daga hoton labari. In na yanke gefen, rabin kwalaben da ke da kwanan wata sun tafi. Zan iya dusashe wurin mu faɗa wa masu karatu mun yi haka, amma ko da hakan, daga cikin ɗakin da ake kullewa aka ɗauka, kafin ma'aikata su zo. Mutum nawa ne ke da makullin ɗakin nan? In ɗaya ne, to mun buga sunansa ke nan.

"Ki koma wurinsa ki nuna masa abin da na nuna miki. In ya yarda bayan ya gani, kuma ya sami inda zai tsaya, sai mu yi magana da babban edita da lauya. Kafin nan kada hoton nan ya je hannun kowa. Kowa na ce."

A ƙasa ya sa hannu, ya rubuta lokaci kamar yadda ya saba: tara da rabi.

Gaggawa ta nemi kujera ta zauna. Yatsan nan ta san shi. Ƙofar mota ce ta datse shi suna yara, ita ce ma ta rufe ƙofar. Agogon kuwa ita ta saya masa. Sau nawa ta kalli hoton nan a waya, idonta na kan kwalabe, ko sau ɗaya ba ta kalli gilashin ba.

Amma ba wannan ne babban tashin hankalin ba. Ƙa'idar aiki ce ba a buga zargi sai an ji ta bakin wanda ake zargi. Da ƙarfe goma na safen nan, tana cikin tasi, ta rubuta wa kakakin kamfanin tambayoyi biyar, ta ba shi zuwa ƙarfe huɗu ya amsa. Don kada ya ce mata zancen banza ne, ta haɗa masa da hoton. Ba ma wanda aka rage girmansa ba, ainihin fayil ɗin ta tura ta imel, yadda zai ga kwanan watan da kyau. A lokacin har daɗi ta ji, tana cewa yau za su san da wa suke yi.

Ta tashi ta nufi ɗan ɗakin editan hoto da ke ƙarshen baranda. Yana zaune gaban babban allon kwamfutarsa, labule a sake kamar kullum don kada haske ya ɓata masa launi. Bai juyo ba ya ce, "To, zo ki zage ni, na shirya."

"Baba," ta ce. Ba ta taɓa kiransa haka ba, shi ya sa ya juyo. "Na tura musu."

"Kin tura wa wa?"

"Kamfanin. Kakakinsu. Da ƙarfe goma."

Ya cire tabaran idonsa ya ajiye a hankali. "Tambayoyi kika tura, ko hoton?"

"Duka."

"Wanne? Wanda kika ba ni?"

Ta gyaɗa kai. Dattijon ya dube ta. Ta so ya yi faɗa, ya kira ta sakarya, ko ta sami abin riƙewa. Bai yi ba. Sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Tun tara da rabi takardar nan ke teburinki. Da ma kiran ki na yi." Wannan ne karo na farko da ta ga tsoro a fuskarsa, kuma ya fi faɗan ciwo.

"Wane ne?" ya tambaya. "Yanzu kam dole ki faɗa mini."

"Yayana ne."

"Innalillahi. Kira shi. Ki ce ya bar wurin yanzu, ko jakarsa kada ya tsaya ɗauka. Ni bari in sami babban edita."

Ta kira. Waya a kashe. Ta sake kira, a kashe. Yaya kuwa mutum ne da ko wanka zai shiga sai ya ajiye waya a bakin taga, saboda direbobi masu kawo kaya. Tana cikin kira na huɗu sai wani kiran ya shigo, lambar kakakin kamfanin. Editan hoto, da bai kai ga fita ba, ya yi mata alama ta buɗe murya.

Muryar mutumin a sanyaye take, har da ɗan murmushi a cikinta. Ya gaishe ta, ya tambayi aiki, ya ce sun ga saƙo, sun kuma gode ƙwarai da ta ba su damar magana, ba kowane ɗan jarida ke yin haka ba. Amsa za ta zo kafin huɗu. "Hoton ma ya fito tar," ya ce. "Komai ana gani. Mun gode da kika turo mana babban." Ya yi sallama ya kashe.

Ba ta tsaya jiran babban edita ba. Ta sauka matakala da gudu, ta tare tasi, duk hanya tana kiran lambar da ba ta shiga. A danja kuwa kamar ta fita ta taka da ƙafa. Ta yi tunanin zuwa siton, sai ta ga in ta bayyana a ƙofarsu ta ƙarasa tona shi. Ta ce wa direba ya kai ta gidan Yaya, ko Allah zai sa ya dawo cin abincin rana kamar yadda yake yi wani lokaci.

Ta tarar da matar Yaya a tsakar gida tana shanya kayan makarantar yara, rediyo na yi a kan taga. Babur ɗin Yaya na jingine a inda yake ajiye shi. Ganin babur ɗin sai da ta ji numfashinta ya dawo.

"A'a, 'yar jarida da tsakar rana? Yau wace rana!" in ji matar. "Shigo mana, kin yi gumi kamar wadda aka koro."

"Anti, ina Yaya? Yana ciki?"

"Kin yi saɓani kaɗan. Ya dawo ko zama bai yi ba, sai ga mota har ƙofar gida. Manaja da kansa fa, shi da wasu mutum biyu da ban sani ba. Wai sabon sito za su nuna masa a bayan gari." Ta yarfe wata riga ta rataya, fuskarta cike da murna. "Ni dai na ce masa ƙarin girma ne, shekara tara ai ya isa. Manajan har tambayar ki ya yi, ya ce ashe ƙanwarsa ce ke aiki a jarida, bai taɓa faɗa musu ba."

"Wayarsa fa, Anti? Me ya sa take a kashe?"

"Ɗaya daga cikinsu ne ya ara, wai tasa ba caji." Sai a lokacin matar ta dubi fuskarta da kyau, hannunta ya tsaya a kan igiya. "Lafiya? Ke, lafiya kuwa?"

Gaggawa ta sake danna lambar Yaya.

"Ya ce in ajiye masa abincinsa," in ji matar Yaya. "Ya ce yanzu zai dawo."