Darasin da Fauziyya ta wanke

Fauziyya 'yar Malam Muntaka ta Rogo Ruma, wadda ke karatun lissafi a jami'a a Kano, ba ta taɓa jin kunyar kakarta Goggo Saude ba sai da gasar nan ta zo.

Ga yadda abin yake. Yaran Rogo da Karaye na shan kaye a JAMB, yawancinsu ba su taɓa riƙe kwamfuta ba sai ranar jarrabawar. Sai Fauziyya ta fara naɗar darasi da Hausa a wayarta, masu cajin waya suna zuba wa yara a memori ranar kasuwa. Duk Asabar kuma ita da 'yan uwanta ɗalibai su yi aji a makarantar firamare. Matsalar dai kwamfuta ɗaya gare su, ita ma ta aro ce, mai ita ya ce a dawo masa da abarsa. Gasar 'yan kasuwa ta jami'a kuwa, wanda ya ci zai samu jarin da zai sayi kwamfutoci.

To a ɗakin Goggo ake naɗar darasin, don nan ne ba hayaniyar yara. Ba hayaniyar yara, amma akwai Goggo. Fauziyya na cewa "mu nemo x", za ka ji daga bayanta, "Wai har yau ba a gan shi ba? Ke, wa ya ɓatar da shi?" Dole yarinya ta sake bayani dalla-dalla, Goggo na gardama tana ɓarar gyaɗa.

Don gasar sai Fauziyya ta zauna ta yanke muryar Goggo tas. Wa zai kai wa daktoci wannan abin kunya?

Ranar gasa ta tsaya gaban alƙalai uku, ta gaishe su, ta faɗi matsalar, ta faɗi maganin, ta faɗi abin da ɗalibi ke biya a zango. Sannan ta kunna wankakken darasin. Wata Hajiya Rumasa'u mai kamfanin shinkafa ta yi hamma, ba ta ko rufe baki sosai ba.

Dakta Abdulmumini, shugaban alƙalan, ya karkata kai. "Tsaya, Malama. Na san muryar nan. A motar haya daga Karaye direba ya kunna mana ita. Amma ina tsohuwar?"

Fauziyya ta yi kamar ba ta gane ba. "Wace tsohuwa, ranka ya daɗe?"

"Mai neman wanda ya ɓatar da x. Har Gwarzo muna dariya." Sai ya gyara zama, ya ɗaure fuska. "Nan kuma tambayata take. Direban nan ko sisi bai ba ki ba, wani ne ya tura masa. In kowa na samu kyauta, wa zai biya ki?"

Fauziyya ta dubi wayarta. Asirin dai ya riga ya tonu, me ya rage?

"Kakata ce, ranka ya daɗe." Ta lalubo tsohon darasin ta kunna. Muryar Goggo ta cika ɗakin: "In kika kwashe daga wannan ɓangaren ba ki kwashe daga wancan ba, ai kin yi son kai!" Hajiya Rumasa'u ta tuntsire da dariya har tana riƙe mayafi.

"Su yi ta turawa," in ji Fauziyya. "Talla suke mini. Kowane darasi da tambayoyi nake rufe shi, amsar sai a ajin Asabar. Ba muryar nake sayarwa ba, duba aiki nake sayarwa, da zama gaban kwamfuta a gwada jarrabawa. Wannan ba ya turuwa a waya. Yawancin 'yan ajina, in na tambaye su ina suka ji labarinmu, sai su ce wajen Goggo."

"In kin gama jami'a fa?" in ji Hajiya. "Wa zai riƙe ajin?"

"Waɗanda suka ci suka shigo jami'a su ke komawa su koyar a hutu da ƙarshen mako, ana biyansu daga kuɗin zango. Biyu sun riga sun fara."

"To me ya sa kika cire kakarki?"

Fauziyya ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka ba za ku ɗauke ni da muhimmanci ba."

"Tambayar da yaro ke jin kunyar yi ita take yi masa," in ji Dakta. "Kada ki sake taɓa ta."

Ta ɗaya ta zo. Kwamfutoci suka iso Rogo Ruma a bayan a-kori-kura, tare da faifan sola, unguwa ta fito kallo.

Amma Suhaibu ƙaninta, mai baki kamar gidan rediyo, ya riga ya sanar da Goggo cewa an yanke muryarta. Da aka zo naɗar darasi na gaba, Goggo ta juya wa wayar baya, ta yi gum. Fauziyya ta yi lallashi, ta kawo tsire, a banza. Ta haƙura ta fara ita kaɗai: "Yau za mu nemo y."

Goggo ta waiwayo da sauri. "La'ilaha! Shi ma ya ɓata?"